Igiyar cajin da sai na tokare ta da littafi: abin da na gani bayan wata biyar

A ƙarshen damina na sayi wata igiyar caji a Sabon Gari, irin mai saƙar zare ɗin nan, tsawonta mita ɗaya, bakinta taif-si. Kyau kam tana da shi, kuma a watanni ukun farko ba ta taɓa ba ni haushi ba. Da aka shiga na huɗu sai ta fara wani hali: in na jona waya na ajiye ta a shimfiɗe, shiru. In na ɗan lanƙwasa igiyar zuwa hagu, sai alamar caji ta fito. Daga nan na zama gwanin tokara. Kullum dare sai na ɗora wayar a kan darduma, na tura wani tsohon ƙamus a gefenta ya danne igiyar, na janye hannu a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Uwargida har ta daina tambaya. Wata asuba na tashi na tarar wayar tana kan 9 cikin ɗari, ga shi an kawo wuta tun tsakar dare, don kawai yaro ya taka dardumar.

Ranar na ɗauki wayar da igiyar na nufi PZ wajen wani matashi mai gyara, da niyyar a canza mini bakin cajin wayar, domin na riga na yanke masa hukunci. Ya ce, "Malam, bari mu fara gano mai laifin tukuna, kada ka biya kuɗin aikin da ba ya bukatar yi."

Da farko ya jona wayata da tasa igiyar. Nan take ta kama caji, ya girgiza ta, ya juya ta, ba ta yanke ba. Wannan kaɗai ya wanke wayar. Sai ya mayar da tawa igiyar, ya danne kan ƙarfen da babban yatsa yadda ba zai motsa ba ko kaɗan a cikin wayar, ya riƙa lanƙwasa igiyar da ɗaya hannun, yana bin ta daga tsakiya zuwa wuya. Duk tsawonta babu abin da ya canza, sai da ya iso daidai inda igiyar ta shiga cikin robar kai. Ya karkata hagu, caji ya zo. Ya sake, ya ɗauke. Ya maimaita sau uku, bai saɓa ba.

Daga nan ya sa reza ya tsaga wuyan, da izinina. A ciki akwai siraran wayoyi masu launi daban-daban. Ja da baƙa su ne ke ɗauko wuta, fara da koriya kuma na tura bayanai ne tsakanin waya da kwamfuta. Kowace ɗaya ba sanda guda ba ce, tarin silin jan ƙarfe ne masu kaurin gashi aka murɗe wuri ɗaya. Da ya feɗe jar, sai ga silin duk sun tsinke, bakunansu na fuskantar juna da 'yar tazara, robar da ta lulluɓe su ce kawai ke riƙe da su. Abin da nake yi da ƙamus ke nan ban sani ba: in na lanƙwasa igiyar ta gefen da ya dace, sai tsinkakkun bakunan su haɗu, wuta ta wuce. In ta miƙe, su rabu. Shi ya sa ta gefe ɗaya tak take karɓa, kuma shi ya sa daga waje ba a ganin komai, saƙar zaren nan lafiyarta ƙalau.

Jan ƙarfe yana gajiya. Duk wanda ya taɓa karya wayar ƙarfe da hannu ya san in ka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya, za ta karye ba tare da wuƙa ba. Wuyan igiya kuwa nan ne inda mai laushi ya haɗu da mai tauri, duk lanƙwasa a nan take taruwa. A nan na ga nawa laifin, don ni mai latsa waya ne tana caji, ina kwance na jingina gindinta a ƙirji, igiyar ta lanƙwashe. Kuma in zan cire, igiyar nake fizga maimakon kan. Amma ita ma ba ta kuɓuta ba: robar wuyanta gajeriya ce kuma ƙiƙam, ba ta rarraba lanƙwasar, silin cikinta kuma 'yan kaɗan ne. Kuɗin duk ya tafi a kwalliyar waje.

Na tambaye shi, to da laifin na kan ƙarfen ne fa? Ya ce da gwajin ya juye: igiyar za ka riƙe cak, ka motsa kan a cikin wayar. In a nan cajin ke zuwa yana ɗaukewa, to ƙananan haƙoran da ke cikin kan sun saki. Ɗan tauri gare su kamar sifirin, suna matse harshen da ke cikin bakin wayar, kuma yawan sawa da cirewa yana sa su lafe, sai ka tura kan gefe guda kafin su taɓa. Alamarsa, ba ka ƙara jin ɗan "ƙas" ɗin nan in ka jona, kuma kan yana rawa. In kuwa kowace igiya aka kawo haka take yi wa wayar, to a duba wayar. Ko a nan ma ya ce kada a yi saurin kwance ta, musamman da hunturu: ƙura da zaren aljihu suna dunƙulewa a ƙasan ramin har kan ya kasa shiga ya ƙure. A kashe wayar, a haska fitila, a sa tsinken sakace a yaye a hankali. Ban da allura, ƙarfe ce, tana iya haɗa haƙoran ko ta karce su.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar zafi. Na sha jin wuyan igiyar da ɗumi ban kula ba. Wutar da ya kamata ta bi ta sili da yawa, in ta matsu ta bi ta biyu ko uku da suka ɗan taɓa juna, wurin zai yi zafi, kuma wani kaso na bolt 5 ɗin da caja ke bayarwa a nan zai lalace kafin ya isa batir. Dalilin da ya sa ko ta kama, cajin ke jan ƙafa ke nan. In abin ya yi nisa robar tana iya narkewa, ja da baƙa su haɗu. Ni kuma a kan darduma nake barin ta, an danne da takarda, mu duka muna barci. Ita ma wayar tana shan wahala, domin tokarar nan ƙarfi take sa wa bakin cajin, wanda ɗan like ne kawai na dalma ke riƙe da shi a jikin allon ciki.

Na ce ko zai ɗinke mini ita? Ya yi dariya ya ce za a iya, amma wurin liken zai yi tauri, ta sake karyewa a gefensa, kuma kuɗin aikin ya kusa na sabuwa. Bai karɓi ko kwabo na dubawar ba, igiya kawai na saya a hannunsa, mara ado, mai kauri, wuyanta dogo yana lanƙwasuwa a hankali kamar wutsiya. Shi kam zan koma wajensa. Mai saƙar zaren ba zan ƙara sayen irinta ba, sai dai in na matsa wuyanta da yatsa na ji yana da tsawo da laushi. Sabuwar yau sati shida ke nan, ƙamus ya koma kan kanta, tsohuwar kuma uwargida ta ɗaure bakin buhun masara da ita.