Karta mai manyan lambobi da mariƙinta: abin da na gani bayan mun gwada su da Kawu

Kaya biyu na saya wa Kawuna, wanda yanar ido ta rage masa gani har ya daina zama wot da mu bayan sallar isha'i: karta mai manyan lambobi, da wani katako mai tsaga da ake jera karta a kai. Wasan gida ne, babu kuɗi a ciki. Hukuncina shi ne kartar ta yi rabin aiki, mariƙin ya fi ta amfani, sauran kuma gyaran wurin zama ne ya cike shi, wanda ba a biyan ko sisi a kansa.

Girman kartar daidai yake da wadda aka saba, wajen milimita 63 a faɗi da 88 a tsawo. Lambar da ke kusurwa ce aka ƙara wa girma, ta kai kusan santimita 3, an buga ta da kauri. Kawu yana karanta ta daga nisan hannu, ba sai ya kai ta bakin hanci ba. Sai dai ba wot ba ce, karta ce mai 52 da joka biyu. Dole muka daidaita dokokinmu da ita: A ta zama hol-on, 2 ɗauki biyu, 5 ɗauki uku, 8 tsallake, K ta tsaya a madadin 14 mai tura kowa kasuwa, joka kuma ita ce wot mai lamba 20.

A nan matsala ta farko ta fito. Wot ta asali mai kati 54 ba ta da 6, ba ta da 9, saboda haka mai wasanta bai taɓa damuwa da bambance su ba. Wannan kuwa tana da su, kuma ga ido mai hazo, shida da tara kusan abu ɗaya ne, musamman idan katin yana kwance a ƙasa, kana ganin kusurwar da ta juye. Muka zare su duka takwas, muka bar kati 44 da joka biyu, wato 46. Wasan bai ragu da komai ba, illa kasuwa tana saurin ƙarewa idan mun kai mutum huɗu, sai a sake cakuɗa na ƙasa.

Ta biyu ta fi damuna, kuma laifin masu bugawa ne. Sun ƙara wa lamba girma sosai, amma alamar da ke ƙarƙashinta ba su ƙara mata yadda ya kamata ba. A wot, bol da angul da kuros da kafet da sita kowanne siffarsa daban take, ko da dishi-dishi kake gani za ka gane. A nan kuwa jajaye biyu ne, baƙaƙe biyu, kuma ja a kan fari yana dusashewa a idon mai yana fiye da baƙi. Kawu yakan ajiye mai zuciya a kan mai lu'ulu'u yana ganin daidai ya yi. Na samu alƙalamin maka baƙi mai kauri, na zagaye alamar lu'ulu'u a duk katunanta, na kuma ja layi a ƙarƙashin ɗaya daga cikin baƙaƙen. A fuskar kati kaɗai ake yin haka. Idan tawada ta taɓa baya ko gefe, kowa zai gane katin tun yana kasuwa. Da zan sake saye, irin mai launi huɗu zan nema, wadda kowace alama take da nata launin.

Mariƙin kuwa na yaba da shi ƙwarai, don ya warware abin da manyan lambobin suka jawo. Idan lamba ta yi girma, dole ka baza kati sosai kafin ka gan ta, hannu ɗaya kuma ba ya iya baza fiye da biyar ko shida a haka. A wot, ɗauki biyu ɗaya da ɗauki uku ɗaya sun isa su kai ka goma. Katakon tsawonsa kamar santimita 30 ne, yana da ɗan lanƙwasa, da tsaga uku, ta baya ta fi ta gaba tudu. Idan aka bar wa kowane kati santimita 3 a fili, layi ɗaya yana ɗaukar takwas ba tare da wani ya rufe wani ba. Kawu yana jera jajaye a gaba, baƙaƙe a tsakiya, katunan hukunci da joka a baya. Idan aka ajiye 7 baƙa, layi ɗaya zai fara dubawa maimakon ya bi hannunsa gaba ɗaya.

Aibinsa shi ne don tebur aka yi shi, mu kuma a tabarma muke zama. Idan aka ajiye shi a ƙasa ya yi wa ido nisa, kuma na kusa da kai yana hango katinka. Kujera 'yar tsugunno muka sa masa a gaba muka ɗora katakon, muka mayar da shi jikin bango don kada mai wucewa ya gani ta baya. Tsagar ma ta ɗan yi faɗi, iskar fanka tana kwantar da kati idan shi kaɗai ya rage a layi.

Shimfiɗar wurin ita ce mutane ba sa kula da ita. Tabarmar roba mai zane-zane tana haɗiye farin kati, don haka muka shimfiɗa yadi shuɗi mai duhu marar ado. Kasuwa kullum tana hannun damansa a cikin murfin kwali, katin da ake bi yana tsakiya, kuma duk wanda ya ajiye sai ya daidaita tarin, kati ɗaya kaɗai ake gani a sama. Kartar tana da sheƙi, fitila mai caji idan tana gabansa sai hasken ya dawo masa ido, lambar ta ɓace. Alamar haka ita ce ka ga yana karkata kai ko yana juya kati. Muka rataye fitilar a bayan kafaɗarsa, sama kaɗan. Muka kuma sa doka a kan kowa, ba shi kaɗai ba: wanda ya ajiye kati ya faɗi lambarsa da alamarsa da ƙarfi. Da na tambaye shi, “Kawu, ko mu riƙa jiranka ka duba?” sai ya ce, “A'a ɗana, ku dai faɗa, kunnena lafiya lau yake.”

Ba kowane mai raunin gani wannan karta za ta yi wa ba. Mai hawan jinin ido, wato gilakoma, ganinsa na gefe ne ke tafiya, tsakiya kan jima da ƙarfi. A wurinsa katako mai faɗin santimita 30 yana iya fita daga inda yake gani, gara ƙaramin mariƙi da kati a tattare wuri ɗaya. Mai yana irin Kawu, wanda komai ya yi masa hazo, shi ne manyan lambobi da baƙi mai kauri suka fi yi wa amfani. Yanar ido kuma ana cire ta da aiki, a wurare irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma muna kan shirin kai shi. Wanda zai saya ya fara rubuta 6 da 9 da 8 masu tsayin santimita 3 a farar takarda, ya riƙe wa mai wasan a nisan hannu da irin hasken da ake wasa a ciki. Idan bai bambance su a haka ba, kartar nan ma ba za ta ishe shi ba.