Matse silaid ko sake ginawa: yadda lakca mai tsawo take komawa shafi ɗaya

"Malamai, ina da silaid 72 na kwas ɗin tarihin Daular Sakkwato, jarrabawa saura mako biyu, kuma ɗalibai sun roƙi taƙaitawa a shafi ɗaya. In matse silaid ɗin da kwamfuta ne, ko in zauna in rubuta sabo? Wani kuma ya ce in sayi manhajar da take haɗa su wuri guda."

Malama, ki zauna ki rubuta sabo, kuma ki bar kuɗinki a jakarki. Na taɓa biyan kuɗin irin manhajar da aka tallata miki, abin da ta yi mini kawai shi ne ta jera hotunan silaid ƙanana ƙanana a takarda, aikin da PowerPoint take yi kyauta.

Ita matsewar lissafi ma bai goyi bayanta ba. A wurin bugawa, zaɓin Handouts bai wuce silaid tara a shafi ba, saboda haka naki zai cinye shafi takwas, kuma rubutun zai ƙanƙance har ɗalibi ya riƙa kanne ido. Akwai kuma Outline View, wanda yake kwaso rubutu zalla, sai dai yana ɗaukar abin da ke cikin gurbin take da gurbin bayani ne kaɗai. Duk abin da kika rubuta a cikin akwatin da kika zana da kanki, ko jadawali, ko kan taswira, zai tsallake shi ba tare da ya sanar da ke ba. Amfaninsa ɗaya shi ne ya tara miki rubutun a wuri guda domin ki karanta shi a tashi ɗaya. Ban da wannan, silaid an yi shi ne domin ya raka bakin malami, shi ya sa ake samun shafi mai ɗauke da "Dalilan siyasa" da kalmomi uku a ƙarƙashinsa, sauran bayanin yana cikin kanki. Idan aka ƙanƙanta irin wannan, ɗalibin da bai halarci lakcar ba ba zai fita da komai ba.

Nawa shafin na wannan kwas ɗin ya fara ne daga takardun jarrabawar shekarun baya, kafin in buɗe silaid ko ɗaya. Da na baje su a tebur sai na ga tambayoyin, duk da sauyin lafazi, suna zagaye abubuwa huɗu: musabbabin jihadi, jerin manyan abubuwan da suka faru, tsarin mulki, da faɗuwar daular. Waɗannan huɗun su ne suka zama ɗakunan shafin. Daga nan na bi silaid ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina ɗakin da zai shiga, wanda bai sami ɗaki ba kuwa ya tsaya a waje. Silaid na take, na sallama, na hotuna da na dogayen nassoshin da na karanto a aji duk sun fita a wannan tacewar, kuma da su kusan rabin lakcar ya tafi.

Ga yadda aikin yake a kusa. Ina da silaid sama da goma a kan yaƙe-yaƙe da manyan abubuwan da suka faru, da taswirori da labarin kowace fafatawa. A takardar bita sun koma layi shida, kowane layi da shekara, da abin da ya faru, da dalilin da ya sa yake da nauyi. Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, inda aka yi masa mubaya'a, wato jama'ar ta zama mai shugabancin kanta. Tabkin Kwatto a watan Yuni 1804, babbar nasara ta farko a kan rundunar Sarkin Gobir Yunfa, wadda ta ƙarfafa masu jiran su ga inda iska za ta kaɗa. Faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ƙarshen ƙarfin Gobir. Rabon kula da daular a 1812, gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi ɗan Fodiyo. Rasuwar Shehu a 1817 da hawan Bello. Sai 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairu, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a Yuli. Ki lura da sashe na uku na kowane layi, domin shi ne abin da kwamfuta ba za ta iya ciro miki ba, kuma a kansa ake ba da maki idan tambaya ta ce "tattauna" ko "yi bayani". Shekara ba tare da dalilinta ba tana amsa tambayar cike gurbi ne kawai.

A ɗakin musabbabi ban yarda da kalma ɗaya tsura ba. Maimakon in rubuta "haraji", na rubuta gajeriyar jimla mai cewa jangali da sauran haraji sun yi wa makiyaya da talakawa nauyi, wannan ya ja su zuwa ga jama'ar Shehu. Kalma ɗaya tana tunatar da wanda ya riga ya sani, jimla kuwa tana ceto wanda ya manta, kuma mafi yawan masu neman wannan takardar na biyun ne. Na ji daɗi ranar da na tarar da wasu ɗalibai mata a ƙarƙashin dalbejiyar bayan ɗakin jarrabawa, sun ninke takardar gida biyu a tsaye, ɗaya tana karanto shekara, sauran suna kawo abin da ya faru da dalilinsa daga ka. Ban tsara ta domin haka ba, amma tun daga ranar nake sa shekaru a ginshiƙi ɗaya, bayani a ɗayan, yadda ninkin zai raba su.

Wajen tsarawa, ki buɗe Word, takarda A4, ki zaɓi gefe Narrow, girman rubutu 10, kada ki sauka ƙasa da haka. Ki tsaya a wajen kalmomi 500 zuwa 600, ki bar ɗan fili a ƙasa inda ɗalibi zai ƙara abin da yake yawan mantawa. Idan kika ga hannunki yana zuwa wajen rage girman rubutu domin wani abu ya shiga, alama ce cewa tacewar ba ta ƙare ba. Kada ki yi wa kanun ɗakuna shafe mai duhu, domin fotokwafin fotokwafi yana mai da shi baƙi ƙirin. Ki ajiye ta a matsayin PDF kafin ta bar hannunki, in ba haka ba kwamfutar shago za ta iya sauya ƙirar rubutun, ƙ da ɗ da ɓ su zama akwatuna, shafi ɗaya ya malala zuwa na biyu. Gwajin ƙarshe shi ne ki ba ɗalibi matsakaici takardar tare da tambayar bara ɗaya, ki ce ya fitar da ƙashin amsa cikin minti biyar. Inda ya tsaya yana sosa kai, a nan layin ya yi gajarta.

Wani abu da ba ki tambaya ba: ki rubuta sunan kwas, zangon karatu da shekara a saman takardar, ki kuma faɗa wa ajin da bakinki cewa kyauta ce, shafi ɗaya ce tak. Wasu masu shagunan fotokwafi a bakin makarantu suna tattara tsofaffin takardun bita, su liƙa sunan malamin da ke koyar da kwas ɗin a bana, su sayar da su a matsayin "abin da zai fito". Na ga irinta da sunana a kai, an rubuta cewa Alkalawa ta faɗi a 1804, kuma na sake cin karo da wannan shekarar a takardun amsa lokacin da nake duba jarrabawa. Ki miƙa wa wakilin aji naki kwafin hannu da hannu, mako guda kafin ranar jarrabawa.