Gargaɗi ga masu sarin shadda: Naira 975,000 na biya, ya haɗo mini kala biyu

Wallahi ban so yin rubutun nan ba, amma abin ya tsaya mini a wuya. Naira 975,000 na tura wa wani dila a Kano kan shadda ruwan toka, bandir biyar, kowane yadi 30, yadi 150 ke nan a kan Naira 6,500 kowane yadi. Ankon 'yan mata talatin ne, kowacce yadi biyar. Ba bashi na karɓa ba, ba ragi na roƙa ba, kuɗi na biya cas. Abin da ya iso shagona a Gusau kala biyu ne.

Ba zan faɗi sunansa ba tukuna, domin an sa manya a maganar. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki da muryar da ya turo mini duk suna hannuna, zan ɗora su, in rufe lambarsa kawai.

Kafin wani ya ce ai ke ce ba ki tambaya ba: na tambaya. Ni ba yau na fara taɓa yadi ba. Na ce masa, "Alhaji, anko ne fa, mutum talatin za su tsaya wuri ɗaya a yi musu hoto. Zubi ɗaya nake so, lot ɗaya, kada a haɗa mini." Ya ce, "Haba Hajiya, ranki ya daɗe, kwali ɗaya na fasa miki, a gabana aka buɗe." Wannan maganar ce ke ta dawo mini. Kwali ɗaya na fasa miki. Har da dariyarsa, har da cewa in bai kyautata mini ba wa zai kyautata wa. Na taɓa sayen kaya a wurinsa ban ga wani aibu ba, kuma wata 'yar'uwa mai shago ce ta haɗa mu tun farko. To a kan me zan zarge shi? Nan take na tura 600,000.

Ya turo bidiyo ma. Bandir biyar jere a kan kanta, cikin ledarsu, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, ya bi su da waya ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini takardar da ke manne a jiki. Lamba iri ɗaya a duka biyar. Da idona na gani, sannan na cika 375,000. A'a, tsaya, cikon sai da ya ce direba na tasha yana jira na tura, bidiyon ya riga zuwa da dare. Ko ma dai yaya ne, 600,000 da 375,000, Naira 975,000 ke nan, ban da kuɗin mota.

Ga abin da yawancin masu saye ba su sani ba, shi kuma ya sani sarai. Takardar bandir tana ɗauke da lambar zane da lambar kala, sannan da lambar zubi. Lambar kala tana gaya miki launin da masaƙa ta yi niyyar fitarwa ne kawai. Lambar zubi ita ke gaya miki waɗanne bandira ne suka shiga ruwan rini ɗaya a lokaci ɗaya. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kaduna shi ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce, "'Yata, ko an auna garin rini daidai, zafin ruwan yau ba lallai ya zama na jiya ba. Ruwan kansa yana canzawa, daɗewar yadi a ciki tana canzawa, audugar ma wata ta fi wata shan rini." Kuma ya ce ruwan toka ya fi kowace kala tona asiri, don ba rini ɗaya ba ne, haɗin ja da ɗorawa da shuɗi ne. Shuɗi ya ɗan rinjaya, tokar ta yi sanyi ta karkata wajen bula. Ja ko ɗorawa ya ɗan rinjaya, ta koma wajen ruwan ƙasa.

Haka nawa suka zo. Bandir uku, yadi 90, suna jan shuɗi, su ne daidai da samfurin da uwar amarya ta zaɓa. Bandir biyu, yadi 60, suna jan ruwan ƙasa. A cikin shago, ƙarƙashin ƙwai, wallahi ba za ki raba su ba. Dattijon ya ce wannan ma sanannen abu ne, yadi biyu su dace a hasken lantarki su saɓa a hasken rana, musamman idan haɗin rinin nasu ba ɗaya ba ne. Ga shadda kuma da sheƙi, ga leda a kanta, ga wayar da ke gyara haske da kanta. Wane bidiyo ne zai nuna miki?

Bambancin zubi ba laifin kowa ba ne, haka rini yake. Da ya ce mini, Hajiya uku gare ni zubi ɗaya, biyu na wani zubin ne, da na san abin yi: ko in jira, ko in canza kala gaba ɗaya, ko in ware biyun ga dangin ango su tsaya nasu ɓangaren. Abin da ya sa nake kiran wannan ha'inci shi ne takarda. Bandir ɗaya daga cikin biyun ba a yanka shi ba, yana nan a shago. Da na sa farce na ɗaga takardar jikinsa, sai ga wata tsohuwa a ƙarƙashi, lambar kala ɗaya, lambar zubi daban. An manna sabuwa a kan tsohuwa, ko tsayawa ɓare ta ba a yi ba. Hoton wannan shi zan fara ɗorawa.

Na tsallake yadda aka gano. Telana ya yanka kaya a tare yadda ake yi wa ɗinkin anko, ya fitar da jikin riguna daga wannan bandir, hannuwa da ɗankwali daga wancan, don kada yadi ya yi asara. Shi ma takarda ya duba ya ga lamba ɗaya. Riguna bakwai suka fito jiki na jan shuɗi, hannu na jan ruwan ƙasa. Ƙanwar amarya ce ta zo gwaji da hantsi, ta fita bakin ƙofa don ta ɗauki hoto, sai na ji ta ce, "Anti, mi ya samu hannun rigar ga? Ko wanke shi anka yi?" Na fito na duba. Daidai ɗinkin kafaɗa, inda yadin biyu suka haɗu, layi ne ɓaro-ɓaro. Jikina ya yi sanyi.

Uwar amarya ta zo da yamma. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗan ya fi mini sauƙi. Ta ɗaga rigar ta juya ta, ta ajiye, ta ce, "Hajiya, ni don na yarda da ke na kawo miki." Matar da ta damƙa mini kuɗin mutum talatin ba tare da ta nemi ko rasit ba.

Ga wasiƙar da na tura masa, kalma da kalma, don kada gobe ya ce zaginsa na yi:

"Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa shadda ruwan toka bandir biyar da ka aiko mini a kan Naira 975,000 ba zubi ɗaya ba ce kamar yadda muka yi da kai. Uku sun dace da samfurin da na turo maka, biyu sun saɓa. Na yanki ƙyalle daga kowane bandir na ɗinke su gefe da gefe, na ba direba ya kawo maka, ka fita da shi waje ka duba da idonka. A jikin bandir ɗaya na sami tsohuwar takarda ƙarƙashin sabuwa, lambar zubinsu daban. Abin da nake nema: ka aiko mini yadi 60 na zubin da ya dace, ko ka dawo mini da kuɗinsu Naira 390,000, ni kuma in mayar maka da bandir ɗin da ba a yanka ba da abin da ya rage na ɗayan. Asarar ɗinki na ɗauka. Biki ya matso, ina jiran amsarka. Na gode."

Ku gaya mini, akwai rashin ladabi a nan? Ko kuɗin tela ban sa ba.

Amsarsa ta farko: kala ɗaya ce, idona ne. Da ƙyallen ya isa hannunsa sai magana ta koma wai sheƙin shadda ne, in na juya yadin zai daidaita. Na san wannan, shadda takan canza fuska idan an kwantar da ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, shi ya sa na ɗinke ƙyallayen duk suna fuskantar gefe ɗaya. Daga nan sai wai in wanke za su haɗu. Na wanke ƙyalle biyu a ruwa ɗaya na shanya a inuwa, sheƙi ya ragu, bambancin ya ƙara fitowa. Sai ya ce yankakken kaya ba ya komawa kasuwa. To wanda ba a yanka ba fa? Shiru. Maganar takarda biyu kuwa, wai yaran shago ne. Yaran shago ne suka ce mini kwali ɗaya na fasa miki?

A ƙarshe ya ce zai rage mini Naira 200 a kowane yadi na bandir biyun, "saboda zumunci". Naira 12,000 ke nan. A cikin 975,000! Yanzu in na kira sai a ce Alhaji ya shiga masallaci.

Daga aljihuna na nemo wata shaddar, na kwance hannuwan riguna bakwai aka sake, sauran 'yan matan da ba a kai ga nasu ba na bi su gida-gida ina ba da haƙuri. Wadda ta haɗa mu kuma kunya ta hana ta ɗaga wayata, alhali ba ruwanta.

Masu sarin anko, kada ku cika kuɗi a kan bidiyo. A yanko muku ƙyalle daga kowane bandir, ku jera su a bakin ƙofa da rana, ku ɗaga takarda ku ga abin da ke ƙasa, kuma kada almakashi ya taɓa kaya kafin nan. Maganar zubi ɗaya a rubuta ta a rasit.

Shi kuma Alhaji, na san ana kai maka labarin abin da nake rubutawa. Na kai ƙorafi wurin shugaban layinku, bandir ɗinka yana nan da takardunsa biyu ban taɓa shi ba. Naira 390,000 nake jira, ba 12,000 ba. Hotuna suna tafe da dare in an kawo wuta.