Firiza ɗaya, shago uku: wane tayi ne ya fi araha?

A ce Hajiya za ki sayi firiza don sana'ar ƙanƙara da zoɓo, kin zaga shago uku, kuma duk samfuri ɗaya ne. Na farko ya ce da ₦420,000 ce, yau kaɗai ₦380,000, kuma ita ce ta ƙarshe. Na biyu ya ce ₦370,000, amma ki ƙara ₦30,000 a tsawaita miki garanti zuwa shekara ta biyu. Na uku ya ce ₦400,000: ki ba da ₦100,000 ki tafi da ita, ki riƙa biyan ₦60,000 duk wata har wata biyar, in kuma lakadan ne zai yi miki ragin ₦35,000. Misali ne na kawo, kuɗin kasuwarku zai bambanta, amma salon ciniki ɗaya ne.

Dukansu uku jijiya guda suke taɓawa. Zafin ɓatan dubu goma ya fi daɗin tsintar dubu goma. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a a 1979, a 1992 kuma suka kiyasta cewa asara tana yi wa mutum nauyi ninki biyu da ɗoriya a kan riba mai girmanta. Mu ma dai muna da "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki". Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa ba ya ɓata bakinsa kan abin da za ki samu, abin da zai kuɓuce miki yake nuna miki.

Shagon farko ya kafa miki ₦420,000 a ka, sai ki ji kamar fita hannu rabbana asarar ₦40,000 ce. Ba ki taɓa riƙe kuɗin nan ba. Da ragin nasa da komai, shi ne ya fi tsada a farashin lakadan. Sai dai kada a zalunce shi: tun da darajar naira ta faɗi a 2023, "gobe farashi zai tashi" yakan zama gaskiya. Hanyar ganewa ita ce ki tambayi shago biyu a wani layi, ko ki aiki wani washegari ya taya. In kuma ya nemi kafin alƙalami, a rubuta a rasit cewa za a mayar miki in kin fasa, domin da zarar dubu ashirin ɗinki ta shiga aljihunsa, tsoron rasa ta ne zai ƙarasa masa cinikin.

Garantin shago na biyu ya fi wuyar ƙi, saboda hoton da ake zana miki: watan azumi, zafi, firiza ta tsaya, zoɓo ya lalace. Lissafa shi da sanyin rai. In canjin kwamfuresa ₦60,000 ne, biyan ₦30,000 ba ya mayar da kuɗinsa sai in ɗaya cikin kowace firiza biyu tana mutuwa a shekara ta biyu. In haka samfurin yake, to bai cancanci saye ba tun farko. Sannan ki sa a karanta miki takardar. Garanti da yawa ba ya ɗaukar ɓarnar da hawa da saukar wutar lantarki ta yi, alhali tana yawan kashe kwamfuresa a unguwanninmu. Ni da zan zaɓa, sitabilaiza zan saya da kuɗin.

Shago na uku ya fi su dabara. Ainihin farashinsa ₦365,000 ne, mafi araha cikin ukun. ₦35,000 ɗin da ya kira ragi, ƙari ne a kan mai biya kaɗan-kaɗan, sunan kawai aka sauya, don mutum yakan haƙura da ragin da bai samu ba amma ba ya yafe ƙarin da aka ɗora masa. Masanin tattalin arziki Richard Thaler ya lura da irin wannan a Amurka, inda kamfanonin katin bashi suka fi son a ce "ragin lakadan" da a ce "ƙarin kati". A nan bashin ₦265,000 kika ci, kika biya ₦300,000 cikin wata biyar, ƙarin kusan kashi 13 cikin ɗari. Ko hakan ya halatta, wannan na malamai ne. "Tafi da ita" ma ba kyauta ba ce: a gwajin da Kahneman, Jack Knetsch da Thaler suka wallafa a 1990, ɗaliban da aka ba kofi, da aka ce su sayar, sun nemi kusan ninkin abin da masu saye suka taya. Firizar da ta kwana uku a ɗakinki ta zama taki, mayar da ita zai yi ciwo ko da kin ga aibinta.

In kina da lakadan, shago na uku a ₦365,000, ba ƙarin garanti. In babu, biyan wata-wata ya yi, muddin ribar ƙanƙara ta haura ₦60,000 a wata har lokacin sanyi, kuma kin tambaya, a gaban shaida, me zai faru da abin da kika riga kika biya in wata ɗaya ya kuɓuce miki.