Wanda ya saita min kuɗin aike: aikinsa da kyau, amma sai da na yi asara

Atamfa da leshi nake sayarwa a Kano, kuma da oda ta fara yawa daga Kaduna, Abuja da Legas na gaji da amsa "nawa ne kuɗin kawowa?" sau talatin a rana. Shi ya sa na biya wani matashi ya haɗa min shagon intanet da manhajar WooCommerce, ya saita kuɗin aike na kowane gari. Shagon ya fito tsaf, ban ƙi ba. Sati biyu ina ta yabonsa a wajen ƙawaye.

Ranar wata Laraba wata tsohuwar kwastoma ta kira ni daga Gyaɗi-Gyaɗi. "Hajiya, yanzu daga Kwari zuwa gidana dubu biyar? Ko jirgi zai kawo min?" Na ce ai dubu biyu ne cikin gari, kuma in tana so ta turo yaro ya karɓa a shago kyauta. Ta ce ita ba ta ga wannan zaɓin ba sam. Na buɗe da wayata, na sa adireshin Kano, wallahi dubu biyar ɗin na gani. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa 'yan Kano ke zuba kaya a kwando su fice ba su biya ba.

Na kira matashin, ya ce "netwok ne, Hajiya." Ba netwok ba ne. Ƙanina ne ya zauna da ni a shafin Shipping zones ya nuna min. Yanki uku matashin ya yi: Najeriya gaba ɗaya, Arewa, sai Kano. Shagon yana duba jerin ne daga sama zuwa ƙasa, yankin farko da ya dace da adireshin mai saye shi yake ɗauka, ba ya ƙara kallon sauran. To shi Najeriya ya ɗora a sama. Kano kuwa ai cikin Najeriya take, don haka kowa a nan yake maƙalewa, kuɗin Kano da zaɓin Local pickup, wato karɓa a shago, da ke ƙarƙashinta ba wanda ya taɓa ganinsu. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: muka ja Kano sama, Arewa a tsakiya, Najeriya a ƙasa. Ƙaramin yanki a sama, babba a ƙasa, shi ke nan. Abin da ya fi ɓata min rai, da ya gwada oda ɗaya da adireshin Kano kafin ya karɓi cikon kuɗinsa, da ya gani.

Na so in yafe, don da na nuna masa ya ba da haƙuri, har ya ƙara min abin da ban tambaya ba. Ya ƙara wani Flat rate, wato tsayayyen kuɗin aike, ya raɗa masa suna "Karɓa a tasha", mai rahusa, ga waɗanda za su je su karɓi saƙonsu a hannun direba maimakon a kai musu har ƙofar gida. 'Yan Kaduna da Abuja sun fi zaɓarsa. Wannan kam ya burge ni.

Amma da na tuna odar Legas sai raina ya sake ɓaci. Wata ta sayi turmi 12, shago ya caje ta dubu biyar, daidai da mai turmi ɗaya. Da yarona ya kai kayan wajen manyan motoci a Sabon Gari, dubu goma sha huɗu suka ce, ni na cika dubu tara daga ribata. Alhali akwatin Cost, inda ake rubuta kuɗin aike, yana karɓar lissafi, ba lamba ɗaya kawai ba. Ga abin da muka sa wa yankin da Legas take:

```
4000 + (800 * [qty])
```

Wato dubu huɗu na tushe, sai ɗari takwas kan kowane turmi. Mai ɗaya za ta biya 4,800, mai 12 kuma 13,600. Wannan ya kusa da abin da direbobi ke karɓa, ragowar ɗari huɗun zan iya ɗauka.

Abin da har yau bai warware ba shi ne yankunan nan da jiha ake zaɓarsu, ba da gari ba. Zariya da Kafanchan duk Kaduna ne a wajen shagon, alhali Zariya tana nan kusa a kan titin Kaduna, Kafanchan kuwa can kudancin jihar. Ana iya rabawa da lambar gidan waya, to amma wace kwastoma tawa ce ta san tata? Yanzu dai kuɗin Kaduna na sa a tsaka-tsaki, in oda ta Kafanchan ce in kira mai ita mu daidaita. Matashin ya ce akwai ƙarin manhaja da ke raba gari-gari, sai na ƙara kuɗi. Na ce masa ya bari sai bayan Sallah.