Sharhi kan manhajar da ta haɗa tsohuwar kwamfutarmu da sabon rumbun bayanai

Ni nake riƙe da lissafin shagon sari na kawuna a Aboabo, Kumasi, inda muke sayar da shinkafa, sukari da man girki. Basussuka da rasit duka suna cikin wata tsohuwar manhaja ta FoxPro wadda ta girmi wasu yaran shagon. Da aka buɗe reshe kusa da Kejetia, kawun nawa, Alhaji, ya yarda a sa sabon rumbun bayanai na PostgreSQL, amma ya ce tsohuwar ba za ta tashi daga teburinsa ba. Sai muka ɗauki wani ƙaramin kamfani a Adum ya sa mana manhajar da ke daidaita su: abin da aka shigar nan ya bayyana can, na can ma ya dawo nan.

Wajen sauri ba ni da ƙorafi. Ana buga rasit a reshe, kafin a ɗora buhu a kan keke ya iso wurinmu. In wuta ta ɗauke, tana ci gaba daga inda ta tsaya ba tare da maimaita layi ba. Matsalarta ɗaya ce: in ta haɗu da abin da ba ta gane ba, sai ta yi shiru ta rubuta abin da ta ga dama.

Kuskuren farko shi ne mafi sauƙi, don ya yi ƙara. Aikin ya tsaya cak da wannan saƙo:

```
ERROR: invalid byte sequence for encoding "UTF8": 0xa2
```

Dalili: a tsohuwar manhajar muna rubuta GH¢, kuma ita tana ajiye haruffa da tsarin Windows-1252, inda kowane harafi bayit ɗaya ne, ¢ kuma lambarsa A2. Sabon rumbun da UTF-8 yake aiki, a can kuwa A2 ba ya tsayawa shi kaɗai. Injiniyan kamfanin, wani ɗan Asawase mai haƙuri, ya gaya wa manhajar tsarin da tsoffin fayilolin ke ciki, shi ke nan.

Ta ɗaya ɓangaren ne aka yi ɓarna. Windows-1252 ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, ba shi da ɛ da ɔ na Asanti, ba shi ma da ainihin alamar sidi, ₵. Yaran reshe da waya suke shigar da suna, kuma allon wayarsu yana da haruffan lanƙwasa. Sai yaro ya rubuta Ɗanladi, manhajar ta kai wa tsohuwar kwamfuta `?anladi`. Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma da zarar Alhaji ya taɓa layin, ko biyan bashi ya shigar, sai ta ɗauka layin duka sabo ne, ta kwashe shi har da alamar tambayar ta danne sunan da yake daidai a sabon rumbun. Daga nan babu inda Ɗ ya rage.

Ya kamata a bambanta wannan da wata lalacewar da ta fi shi muni a ido amma ba ta da illa. In na fitar da fayil na CSV na buɗe a Excel, Baƙo yana fitowa `BaÆ™o`, ₵ kuma `â‚µ`. Wannan ba asara ba ce. A UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. An karanta su ɗaya-ɗaya ne da tsohon tsarin, sai suka zama Æ da ™. Bayanin yana nan, a sake shigo da fayil ɗin a zaɓi UTF-8, sunan ya dawo. Alamar tambaya kuwa ta cinye harafin ne. Ba wanda zai duba `?` ya ce maka ƙ ne ko ɗ ko ɔ, sai wanda ya san mai sunan. Haka muka zauna da Alhaji, ina karantowa yana faɗa mini ko wane ne. Da wannan muka zaƙulo su:

```sql
SELECT lamba, suna FROM masu_saye WHERE suna ~ '[?ÆÂÉ]';
```

A kula da É: haka ɗ da ɓ da ɛ suke farawa in sun lalace, amma muna da masu saye daga Wagadugu waɗanda É ɗin sunansu na gaske ne.

Kuɗi ne ya tayar mini da hankali. Wanda ya gina tsohuwar manhajar ya ajiye adadin bashi a matsayin rubutu, har da waƙafinsa: `18,400.00`. Manhajar daidaitawar tana karanta lamba daga hagu, ta tsaya a alama ta farko da ba ta sani ba, kamar yadda wannan yake yi:

```js
parseFloat("18,400.00")  // 18
parseFloat("950.00")     // 950
```

Wato mai bashin sidi 18,400 ya koma mai bashin sidi 18, mai bashin 950 kuwa yana nan daidai. Shi ya sa gwajin kamfanin bai kama shi ba, don da ƙananan rasit suka gwada. Abin da ya tona asiri shi ne jerin manyan masu bashi a sabon rumbun: babu wanda ya kai dubu ɗaya, alhali na san wata hajiya mai abinci da ke ɗaukar buhu talatin a tashi ɗaya. Duk inda ka ga adadi ya taru ƙasa da 1,000 a wurin da ake cinikin dubbai, waƙafi ne ya yanke shi.

Gyaransu na farko shi ne a share duk waƙafi kafin a karanta. Na ce masa, "Ƙanena, kafin ka tafi zo ka ga wannan." Muna da akawu da ya yi makaranta a Yamai, shi kuma da waƙafi yake raba sidi da pesewa, kamar yadda ake yi a ƙasashen da ke aiki da Faransanci: `950,50`. A share waƙafin, ya zama 95,050. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Yaya, gaskiyarka, wannan ba za a bar wa inji ya yi ta cinta ba."

Abin da muka tsaya a kai: ginshiƙin kuɗi ya zama `NUMERIC(12,2)`. Adadin da ya zo da ɗigo mai lamba biyu, kuma in yana da waƙafi lamba uku ce cif a bayansa, ya wuce. Duk wani fasali dabam a jefa shi tebur na musamman, mutum ya duba da ido. Suna kuma hanya ɗaya yake bi: sabon rumbu ne mai shi, tsohuwar ta karɓi Danladi babu lanƙwasa, kuma ba ta mayar da suna. Lambar mai saye ce ke haɗa layukan biyu. Kowace yamma ina kwatanta jimillar bashi da yawan layuka a ɓangarorin biyu kafin a rufe.

Kamfanin ya yi gyaran ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma yana ɗaga waya, na ba su wannan. Inda na rage musu maki shi ne sun kunna daidaitawa ta hanya biyu tun ranar farko, kuma maye harafi da alamar tambaya a ɓoye shi ne saitin da manhajar ta zo da shi. Kwafin fayilolin DBF na tsohuwar manhajar da Alhaji ke sa a ɗauka duk Juma'a ne ya dawo mana da adadin da 18 ta danne. Wanda zai ɗauki kamfanin ya sa a rubuce cewa hanya ɗaya za a fara, kuma a gwajin a saka suna mai ƙ, suna mai ɔ, adadin da ya haura dubu, da wanda aka rubuta `950,50`.