Nawa za ka riƙa zubawa a tikiti ɗaya? Kwatanta hanyoyi huɗu da jarin dubu ɗari

Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, ni lissafin kawai zan yi wa wanda ya riga ya tsunduma. Da farko ka ware jari, kuɗin da in sun ƙone ƙurmus ba za su taɓa cefane ko kuɗin haya ba, kuma banda bashi. Mu ce naira 100,000.

A odi 1.91, wato duk naira 100 da ka zuba ta dawo 191 in ka ci, sai ka ci kusan wasa 52 da rabi cikin 100 kafin ka mayar da uwar kuɗi. Wanda yake cin 55 gwani ne na gaske, amma shi ma in ya buga wasa 500, ya fi yiwuwa ya haɗu da faɗuwa bakwai a jere fiye da ya tsallake ta. To da wannan bakwai ɗin za mu auna kowace hanya.

Ta farko kuɗi ɗaya kullum, 2,000 ko an ci ko an faɗi. Bakwai ta tafi da 14,000, saura 86,000, ranka zai ɓaci amma kana nan da ƙafarka. Wanda ya ce 2,000 ta yi masa kaɗan yake zuba 10,000 fa, saura 30,000 ke nan.

Ta biyu kashi 2 cikin ɗari na abin da ya rage a hannu, kuɗin suna raguwa zubin yana raguwa. Za ka tsira da kusan 86,800. Bambancin ba yawa, sai dai farfaɗowa tana ɗan jan ƙafa tunda da ƙaramin zubi kake dawowa.

Sai lissafin Kelly, wanda John Kelly ya fitar a 1956. Ga mai cin 55 a wannan odi, yana cewa zuba kashi 5 da rabi. A takarda shi ya fi saurin haɓaka jari, amma bakwai ɗin nan za ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma babbar matsalar ita ce wa ya faɗa maka 55 kake ci? In ashe 52 ne, amsar Kelly ita ce kar ka zuba ko sisi. Shi ya sa masu bin sa da yawa rabi ko kwata suke ɗauka.

Ta huɗu ninkawa bayan kowace faɗuwa, wai ai dole a ci wata rana. Fara da 1,000, faɗuwa shida ta kwashe 63,000, ta bakwai tana neman 64,000 kai kuma 37,000 gare ka. Wannan kam ko kyauta ba na so.

Ni ta farko zan ɗauka, kashi 1 zuwa 2, in riƙa rubuta kowane tikiti da odinsa a littafi, in kuma yanke tun yau cewa jari ya sauka 70,000 zan rage zubi zuwa 1,400, ba ƙaro kuɗi daga aljihu.